Takardar da Za a Karanta Bayan Rana Ta Yi Ƙasa



Zan fara da abin da ya faru a gaban idona, domin shi ne ya sa na tsaya na koyi abin da zan faɗa muku yau. A bikin yaye ɗalibai na wata makaranta da na taɓa koyarwa, ni aka ɗora wa rubuta jawabin shugaban makaranta. Na rubuta, na kai shagon buga takardu, aka buga mini shi kamar yadda ake buga wasiƙa: ƙananan haruffa, gaba da baya, aka maƙale kusurwa da ƙarfe. An sa taron ƙarfe uku, babban baƙo bai iso ba sai bayan biyar, kuma kafin a zo kan jawabin rana ta yi ƙasa, ga hadari ya taso, ga babu wuta. Shugaban namu dattijo ne mai karatu tsaf, amma sai na ga yana kai takardar kusa da fuska yana mayar da ita baya. Da ya iso ƙarshen shafi na farko, layin ƙarshe ya ce: "Kuɗin gyaran rufi kuwa, shugaban kwamitin iyaye ya ci". Nan shafin ya ƙare. Ga makirfo a hannun dama, ga takarda maƙale a hagu, ya ɗauki abin da ya kai daƙiƙa biyar yana kokawar juyawa. Sauran jimlar tana baya: "gaba da bibiyarsu har aka biya." Kafin ya kai can, rumfar iyaye ta riga ta ɗauki guna-guni, wasu na dariya, mutumin da muka yi niyyar yaba wa kuma ya sunkuyar da kai. Sai da muka je har gida muka ba shi haƙuri.

Laifin ba na mai karatu ba ne, ba kuma na mai shago ba. Nawa ne, domin na ba mutum takardar da aka tsara don mai zaune a ofis da rana, na ce ya karanta ta a tsaye da almuru. Takardar da ake karanta wa jama'a da murya daban take da takardar da ake ajiyewa a fayil, ko da kalmominsu ɗaya ne. Abubuwa uku ne suka raba su: girman harafi, inda layi yake karyewa, da inda shafi yake ƙarewa. Zan bi su ta kan jawabi guda, wanda na tsara wa shugaban makarantarmu ta yanzu a bikin bara, mai kalmomi kusan 620, wato karatun minti biyar zuwa shida ga mai karantawa a natse.

Mu fara da girman harafi. Lambar da muke gani a saman allon kwamfuta, 12 ko 14, awo ce, kuma lamba 72 ita ce ta yi daidai da inci guda. Lamba 12 da muka saba da ita an yi ta ne don takardar da ke hannu, nesa da ido kamar santimita 40. Mai jawabi kuwa a tsaye yake, takardarsa na kan mumbari ko tebur, nesa da ido kamar santimita 60, wani lokaci fiye. Lissafin mai sauƙi ne: nisa ya ƙaru da rabi, don haka sai harafi ya ƙaru da rabi kafin ido ya gan shi da girman da ya saba. Rabin 12 shida ne, ka ga an koma 18. To wannan 18 ɗin nisa kawai ta biya, ba ta ce komai game da duhu ba.

Idan haske ya ragu, ƙwayar ido tana buɗewa don ta sami ƙarin haske, kuma buɗewar nan tana rage kaifin gani, musamman na abin da ke kusa. Bambancin baƙin tawada da farin takarda ma yana dusashewa. Ga kuma abin da mu da muka haura arba'in ba mu cika son a faɗa ba: daga wajen wannan shekaru ido yake fara kasa tsayar da gani a kan abu na kusa, kuma da yamma ne mutum yake fara lura. Duk wanda ya ga kansa yana miƙe hannu da waya kafin ya karanta saƙo ya san abin da nake nufi. Su wa muke ba jawabi su karanta? Shugabannin makarantu, sakatarorin ilimi, masu unguwanni, galibinsu sun wuce wannan shekaru. Saboda haka nake ƙara lamba biyu zuwa huɗu a kan 18. Jawabin bara a kan 20 na buga shi. Da dattijo ne sosai, da 22 ko 24 zan sa.

Kada kuma a ce tunda babba ya fi, bari a kai shi 30. Na gwada, ban ji daɗinsa ba. A wannan girma kalma uku ko huɗu ne ke shiga layi, sai karatu ya koma tsinke-tsinke kamar na ɗan aji biyu, shafuka su ninka, kowane juyi kuma wata dama ce ta kuskure. Idan mutum ya kasa karanta lamba 24 a hasken da wasu ke iya karatu, ba aikin takarda ba ne kuma, a ba shi shawara cikin ladabi ya je a duba masa ido, kuma a tuna masa ya zo da tabaraunsa ranar taro.

Gwajin da nake yi kafin in buga dukkan jawabin shi ne in buga shafi ɗaya tak, in jira bayan la'asar sakaliya, in shiga aji in tura tagogi, in ɗora shafin a kan tebur in tsaya kamar yadda mai jawabi zai tsaya. Daga nan sai in ja da baya taku ɗaya. Idan har ina karantawa ba tare da na runtse ido ko na sunkuya ba, girman ya isa. Idan na ga kaina ina miƙa wuya, sai in ƙara lamba biyu. Allon kwamfuta ba ya gaya maka gaskiya a nan, domin shi da haskensa yake tafe.

Salon harafin ma yana da tasiri. Ina zaɓen mai kauri ɗaya marar ado, irin Arial ko Tahoma, domin haruffa irin na Times New Roman suna da siraran sassa waɗanda su ne ke fara ɓacewa idan haske ya yi ƙasa. Akwai kuma Andika, wanda aka tsara musamman don masu koyon karatu, kyauta ake samunsa, yana da kyau idan ɗalibi ne zai karanta. Ku guji rubutun gicciye, ku guji ja wa kalma layi a ƙasa domin yana yanke wutsiyar g da j da y, kada kuma ku buga jawabi duka da manyan baƙaƙe. Mutane na zaton manyan baƙaƙe sun fi ganuwa, amma suna mayar da kowace kalma tubali mai tsawo ɗaya, ido ya rasa siffar da yake gane kalma da ita. Idan akwai kalmar da ake son a danna mata murya, a kaurara ta kawai, kuma kada su wuce ɗaya ko biyu a shafi.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin dalili na neman babban harafi, wato lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ. 'Yar lanƙwasar nan ƙarama ce, a lamba 12 cikin duhu kusan ba ta ganuwa, alhali ita ce ta raba "manyan baƙi" da "manyan baki", ta raba "ƙafa" da "kafa". Sannan ba kowane salon harafi ne yake ɗauke da waɗannan haruffa ba. Idan babu, kwamfuta takan aro su daga wani salo, sai ka ga ƙ ɗin ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko kuma firinta ta buga ɗan akwati a gurbinta. Ku duba wannan a shafin gwaji da idonku.

Yanzu sai karya layi, wanda a ganina shi ne ya fi komai amfani, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Idan ka bar kwamfuta, za ta cika layi har gefen takarda sannan ta sauka, ba ruwanta da ma'ana. Mai karatu da murya kuwa ba kalma-kalma yake karantawa ba. Yana ɗibar guntun magana da ido, ya ɗaga kai ya faɗe shi, ya dawo ya ɗebi na gaba. Aikinka shi ne ka yanka masa maganar daidai lomar da zai iya ɗiba, kowace loma a layinta. Ga jimlar nan da ta jawo mana abin kunya, yadda ya kamata a ce na tsara ta:

```
Kuɗin gyaran rufi kuwa,
shugaban kwamitin iyaye
ya ci gaba da bibiyarsu
har aka biya.
```

Ku karanta ta a zuci za ku ji cewa ko ina mutum ya tsaya, ko tari ya kama shi, ko wuta ta ɗauke a ƙarshen kowane layi, babu inda ma'ana za ta juye. Wannan shi ne ma'aunin: ƙarshen layi wuri ne da za a iya yin shiru ba tare da an yi ɓarna ba.

Hanyar gano wuraren ba ta buƙatar littafin nahawu. Ka karanta jawabin da ƙarfi, a tsaye, da saurin da za a karanta shi, duk inda ka ji numfashinka ya nemi hutu ka sa alama da biro. Za ka tarar yawancin alamomin sun faɗo bayan waƙafi, ko gabanin kalmomi irin "amma", "domin", "wanda", "sannan", "har". Waɗannan kalmomi su buɗe sabon layi, kada a bar su rataye a ƙarshen na sama. Akwai kuma abubuwan da ba a raba su. Kada a raba "ya", "ta", "sun", "muna" da aikatau ɗin da ke biye da su. Kada a raba "shugaban" da "makaranta", ko "Hajiya" da sunanta. Kada a raba maganganun da suka zama ɗaya kamar "ci gaba", "ba da", "sa hannu".

Korewa tana buƙatar kulawa ta musamman, saboda Hausa tana kore magana da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Mai karatu da ya ga layi ya fara da "Ba mu" bai san ko roƙo ne, wato a ba mu, ko korewa ce, sai ya hango abin da ke gaba. Idan "ba" ta biyu tana can layi uku a ƙasa, zai fara da muryar da ba ita ba, ya dawo ya gyara a gaban jama'a. Ina ƙoƙarin in sa "ba" biyun a layi ɗaya, in ya gagara a layuka biyu masu bin juna. Idan jimlar ta yi tsawon da hakan ba zai yiwu ba, alama ce cewa jimlar ce ke buƙatar a raba ta biyu. Sau da yawa karya layi yakan tona asirin rubutun da bai dace da baki ba, kuma gara ya tonu a gida.

Lambobi da sunaye su ma suna da nasu hukunci. A rahoto muna rubuta 247, amma a takardar karatu ina rubuta "ɗari biyu da arba'in da bakwai", domin juya lamba zuwa magana aiki ne da ƙwaƙwalwa ke yi, kuma a duhu 3 da 8 suna kama, 1 da 7 suna kama. Jerin manyan baƙi kuwa kowane mutum da layinsa, muƙaminsa da sunansa tare, da 'yar tazara tsakaninsa da na gaba. Kowa a nan ya san abin da tsallake sunan mai unguwa guda yake jawowa makaranta.

Ga yadda ake yi a Word, ga waɗanda ke bugawa da kansu, waɗanda ba sa yi kuma su tsaya a kan mai shago ya yi musu. A zaɓi rubutun duka da Ctrl+A, a sa salo da lamba, a jingina shi hagu da Ctrl+L, a buɗe tazarar layi zuwa ɗaya da rabi da Ctrl+5. Jinginawa hagu wajibi ce. Masu shago suna son daidaita gefe biyu don ya yi kyau a ido, amma hakan yana buɗe ramuka tsakanin kalmomi, kuma gajerun layukanmu zai ja su ya watsa kalma uku a faɗin takarda. Sannan a duk inda ka sa alamar numfashi a cikin jimla, ka danna Shift+Enter, wanda ke sauka layi ba tare da ya buɗe sabon sakin layi ba. Enter zalla ka ajiye ta sai ƙarshen jimla ko ƙarshen batu, inda kake son tazara ta fito. Bambancin nan zai yi mana amfani idan mun zo kan shafi.

A lamba 20, da gefen santimita biyu da rabi dama da hagu a takardar A4, layi yana ɗaukar haruffa kamar 45, wato kalmomin Hausa takwas ko tara idan an cika shi. Ni ba na cikawa. Ina tsayawa a kan shida ko bakwai, domin idan layi ya kai bakin gefe, ƙaramin canji zai sa kalmar ƙarshe ta zubo ƙasa ita kaɗai, ta ɓata tsarin.

Sai batun shafi, inda na faɗi a karon farko. Abu na farko da nake yi yakan ba masu shago mamaki: ina barin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan takarda babu komai. Tsawon A4 santimita 29.7 ne. Ina barin biyu da rabi a sama, tara a ƙasa, sai ya rage kamar 18 na rubutu. Dalili shi ne, idan rubutu ya kai ƙasan takarda, mai karatu yana sunkuyar da kai har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, bakinsa ya kauce wa makirfo, murya ta shige cikin riga. Ƙasan takarda kuma shi ne inda inuwar jikinsa da ta gefen mumbari take faɗawa, shi ne kuma inda yatsunsa suke riƙewa. Kowane layi a wannan tsari yana cin kamar santimita 1.2, don haka layi 15 ne ke shiga. Idan aka cire tazarar da ke tsakanin jimloli, sai a sami layi 12 ko 13 na rubutu, kalmomi kamar 80. Jawabin da zai shiga shafi ɗaya da 'yan kai a bugun wasiƙa sai ya koma shafi takwas. Na san wani zai ce kuɗin bugu ya ƙaru. Ya ƙaru, amma kwafi ɗaya ko biyu kawai ake yi a haka, na fayil da na rabawa a buga su yadda aka saba.

Kowane shafi ya ƙare a kan aya, kuma in da hali a ƙarshen batu. Mafi kyawun wurin juyi shi ne inda jama'a za su yi tafi, ko inda za a tashi daga godiya a shiga rahoto, domin shirun da juyi ke kawowa sai ya zama kamar da gangan aka yi shi. A jawabin bara, shafi na farko gaisuwar baƙi ce kawai, layi tara, na bar sauran fili. Shafi na huɗu ya ƙare a kan sakamakon jarrabawa, inda na san za a tafa. Jerin buƙatun makaranta, wanda shi ne abin da muke son babban baƙo ya ji ba yankewa, na tattara shi duka a shafi na shida. Shafuka ba sai sun yi tsawo ɗaya ba.

Don tsayar da shafi a inda kake so, ka danna Ctrl+Enter. Kada ka yi ta danna Enter har rubutu ya gangara shafi na gaba, domin da zarar an ƙara kalma ɗaya a sama, komai zai goce. Akwai kuma kariya ta biyu: a zaɓi rubutun duka, a shiga Paragraph, a buɗe Line and Page Breaks, a sa alama a Keep lines together. Wannan yana hana kwamfuta raba sakin layi tsakanin shafi biyu, kuma a nan ne amfanin Shift+Enter yake fitowa, domin jimlar da ka yanka layi huɗu har yanzu sakin layi ɗaya ce a wurinta, za ta ɗauke ta gaba ɗaya. Bayan ka gama, ka ajiye takardar a matsayin PDF kafin ka kai shago. Kwamfutar shago ba lallai ta kasance da salon harafinka ba, idan ta musanya shi da wani, layuka da shafuka da lanƙwasa duk suna iya canzawa. PDF yana tafiya da tsarinsa yadda ka bar shi.

A buga a fuska ɗaya kawai, kuma kada a maƙale. Idan akwai mumbari ko tebur, ba a juya shafi ma sam, zamar da shi ake yi. Tulin takardu yana dama, idan mai karatu ya kusa ƙarshen shafi sai ya zame shi zuwa hagu da yatsa, fuskarsa a sama. Ka ga yana ƙarasa layin ƙarshe a hagu alhali sabon shafi ya riga ya bayyana a dama, babu ƙarar takarda a lasifika, jama'a ma ba su san an canza ba. Tunda takardun a sake suke, lambar shafi ta zama dole: babba, a kusurwar sama ta dama, kuma da jimillar shafuka, kamar "3 cikin 8", don idan sun zube a iya harhaɗa su cikin daƙiƙa kaɗan. Ina kuma rubuta kalmomi uku na farkon shafi na gaba a can ƙasan kowane shafi, cikin ɗan akwati. Wanda ya saba da tsofaffin littattafanmu na ajami da ba a ɗinke su ba ya san wannan dabara, domin masu kwafe su kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata, don kada warƙoƙi su rikice. Amfaninta a wurinmu shi ne, idan shafi biyu suka manne aka zame su tare, mai karatu zai gane nan take cewa abin da ke gabansa ba shi aka yi masa alkawari ba.

Mannewar nan tana faruwa fiye da yadda ake zato, musamman da takardar da ta fito daga firinta ba da daɗewa ba, da kuma lokacin hunturu da yatsu ke bushewa. Maganinta shi ne a barbaza takardun tun a gida, a ɗan lanƙwasa kusurwar ƙasa ta dama ta kowace ɗaya sama don yatsa ya sami abin kamawa. Takardar da aka saba bugu da ita mai nauyin giram 80 ce, fanka ko iskar fili tana ɗauke ta cikin sauƙi. Idan an sami mai kauri, 120 ko sama, ta fi zama, kuma ba ta rawa a hannun mai jin tsoro. In ba a samu ba, a tanadi abin dannewa.

Idan babu mumbari, mutum zai tsaya riƙe da takarda da makirfo, shawarata ta farko ita ce a nemo sandar makirfo ko a sa wani ya riƙe, domin hannu ɗaya ba ya juya shafi. Sannan a huda kusurwar sama ta hagu a zura zare sako-sako, a ɗora a kan kwali mai tauri. Zare yana barin shafi ya kifa baya gaba ɗaya, ba kamar ƙarfen maƙalewa ba da ke sa shi tasowa yana rufe rabin na gaba.

Kada a sa takardar cikin ledar fayil mai sheƙi, kada kuma a lulluɓe ta da roba. Da rana ba laifi, amma da zarar an haska tocila ko fitilar waya, hasken zai dawo wa mai karatu a ido ya shafe layi biyu ko uku. Mai riƙe fitila ya tsaya a bayan kafaɗar mai karatu ta gefe, ya haska takarda, ba fuska ba. A kuma ba mai jawabi ainihin bugun firinta, ba fotokofin da tawadarsa ta yi fari ba. Gyaran minti na ƙarshe, wanda ba a rasa shi, a yi shi da baƙin biro mai kauri. Jan biro da muke alfahari da shi a littafin yara, da fensir, su ne farkon ɓacewa da almuru. Umarnin da ba na karantawa ba ne, kamar "a dakata a miƙa kyauta", a sa shi cikin akwati a gefen dama, nesa da layukan magana. Na taɓa jin ɗalibi ya karanta wa jama'a "ka ɗaga kai ka yi murmushi" da cikakkiyar murya, domin malaminsa ya rubuta shi a tsakiyar jawabi.

Tunda na ambaci ɗalibai, idanunsu sun fi namu, matsalarsu ɓacewar wuri ce idan sun ɗaga kai. Ina bar musu lamba 20 ɗin, in rage layi zuwa kalma huɗu ko biyar, in koya musu ajiye babban yatsa a gefen layin da suke kai.

Abu na ƙarshe, takardar da za a karanta ranar taro ita za a yi gwaji da ita, ba wata ba. Ido yana haddace inda kowace magana take a shafi, kuma wannan haddar ce ke ceton mutum idan haske ya gaza. Na kai wa shugabanmu shafukansa takwas kwana biyu kafin biki, ya karanta su sau biyu a tsaye a ofis, muka gano layi ɗaya da ya yi masa tsawo a shafi na biyar, na raba shi na sake buga wannan shafin kaɗai. Kwafi na biyu yana hannuna a kujerar gaba ranar taron, a jere, ko da iska za ta yi mana ba-zata. An fara jawabin ƙarfe shida saura kwata.

Na zo da shafukan nan takwas, da kuma tsohuwar takardar da ta ja mana zuwa ba da haƙuri, suna kan teburin sakatare. Wanda yake so ya ɗauke su ya shiga da su lungun bayan zauren nan inda babu taga, ya gwada karanta kowace a tsaye.